Kafin ka kunna kyamara, ka fara tambayar megabait nawa ɗalibarka ke da shi

Ranar wata Alhamis da daddare na je gidan yayata a Aboabo, nan Kumasi, na tarar da 'yarta tsaye a bakin zaure ta ɗaga waya sama kamar mai neman wata, sauro na cin ƙafarta tana bugawa da ɗayan hannun. Na ce ke lafiya? Ta ce "Kawu, darasin wannan makon nake saukewa, tun magariba, ya kai kashi 71 ya katse, yanzu ya koma farko." Na karɓi wayar na duba. Bidiyo ne na awa ɗaya da 'yan mintuna, MB 640. Washegari da ta samu ya sauka na ce ta nuna min, wallahi ba komai a ciki sai wani malami zaune kan kujera yana karanta abin da ya rubuta a allon kwamfuta, fuskarsa a ƙaramin kusurwa, rubutun kuma ko shafi huɗu bai kai ba in an kwafe shi.

Ba zan faɗi sunan makarantar ba don ba ita kaɗai ba ce, kuma ni ma na taɓa yin irin wannan ɓarnar. Amma ra'ayina tun yanzu shi ne: duk wanda zai shirya kwas na karatu daga nesa don mutanenmu, ya fara yanke adadin datar da ɗalibi zai kashe a mako, sannan ya rubuta darasin a rubuce, daga rubutun nan ya fitar da takardar da za a buga da kuma gajeriyar murya. Bidiyo sai a ƙarshe, in ma akwai buƙatarsa. Mu kuma mun juya abin, muna farawa da kyamara saboda ita ce ke sa mutum ya ji ya zama babban malami.

Lissafin da ba a son yi

Abin ba wuya, ko a bayan ambulan za ka yi shi. Rubutu mai kalma 500 bai wuce KB 3 ko 4 ba. Murya in ka matse ta a 32 kbps, wato KB 4 kowace daƙiƙa, minti ɗaya KB 240 ke nan, minti biyar MB 1.2. Bidiyo mai kyan gani a kusan 2 Mbps yana cin MB 15 a minti, awa ɗaya MB 900. Wato minti ɗaya na bidiyon nan ya ci datar da za ta ɗauki awa guda ta murya.

Kuma ba kuɗin data kaɗai ba ne, akwai lokaci. A ce netwok ya yi sanyi ya koma 200 kbps, abin da duk mai zama a ɗakin ciki na gidan haya a Zango ya sani da ƙarfe takwas na dare lokacin da kowa ya hau. Muryar minti biyar za ta sauka cikin daƙiƙa 48. Bidiyon 'yar yayata zai ɗauki awa bakwai, in bai katse ba, kuma zai katse. Ƙara da cewa wayar tana ci da batir duk tsawon lokacin nan, ga dumso yana iya zuwa, ga wayar cike take da hotunan suna da biki har ba wurin ajiye shi.

Shi ya sa da wata ƙungiyar mata 'yan kasuwa ta nemi in shirya musu kwas na rubuta lissafin ciniki, mako takwas, su kusan arba'in, wasu a Kejetia suke kasa kaya wasu a Asawase da Sawaba, biyu a Ejura ɗaya kuma ta koma garinsu kusa da Bawku, abin da na fara rubutawa a saman takarda shi ne MB 5 a mako. Kowane mako darasi uku a rubuce, murya uku ta minti biyar-biyar wato MB 3.6, takardar PDF ɗaya mai shafi huɗu wajen KB 150, sauran kuma na bar wa hoton aikin gida da za su turo. Kwas ɗin gaba ɗaya bai kai MB 40 ba. Da zarar ka ɗaure kanka da wannan adadin, shi zai riƙa yi maka gardama, duk abin da ka so ƙarawa sai ka tambayi kanka me zan cire.

"Ai mutanenmu ba sa karatu"

Wannan ita ce maganar farko da ake jefo min, kuma akwai gaskiya a ciki, ba zan ɓoye ba. A nan Gana Hausa a baki take. Mun tashi da ita a gida da kasuwa da masallaci, amma a makarantar boko da Turanci muka koyi karatu, in an koyar da harshen gida a Kumasi to Tuwi ne. Akwai mace da za ta yi maka ciniki da harshe huɗu amma ka ba ta Hausar boko sai ta riƙa haɗa baƙi kamar 'yar aji biyu, wata kuma makarantar allo ta yi, baƙin Larabci ta fi ganewa.

Amma masu wannan maganar sun ɗauka in na ce rubutu farko ina nufin rubutu kaɗai. A'a. Ina nufin malam ne zai fara zama ya rubuta, kafin ya buɗe baki. Rubutun shi ne tushe, ko da ɗalibar ba za ta karanta rabinsa ba. Mutumin da bai rubuta ba shi ne ke kunna rikoda ya yi minti ashirin yana "to kamar yadda na ce", kuma ni ne wannan mutumin a makon farko. Muryata ta farko minti 22 ce, da na tambaya ranar Alhamis wa ta saurara har ƙarshe, wata Hajiya ta ce "Malam, ni dai na kai inda ka gaishe da shugabar ƙungiya, sai kwastoma ya zo." Na koma na saurari kaina, sai da na yi minti huɗu ina gaisuwa da godiya.

Daga nan na canza. Na rubuta darasin, na karanta da ƙarfi da agogo a gabana, kalma 600 zuwa 650 ita ke cika minti biyar in ba ka sauri. In ya wuce haka, to darasi biyu ne na cusa a ɗaya, sai in raba. A takardar bugawa na sa kanun tebur da Turanci mai sauƙi da Hausa a ƙarƙashi, domin Turancin ne za su gani a rasit da saƙon momo, muryar kuma da Hausarmu ta Zango zalla, yadda muke magana, ba Hausar labaran rediyo ba. Wadda ba ta karatu sosai ta saurari murya tana kallon takarda, ɗanta ko jikarta ya taya ta cike layin.

Darasi ɗaya, yadda ya fita

Bari in nuna na mako na uku, darasin da ya bambanta riba da kuɗin da ke cikin leda. Misalin mai sayar da wake da shinkafa na ɗauka, lambobin kuma na zaɓe su ne don su yi sauƙin haɗawa. Ta kashe sidi 400 a shinkafa da wake da mai da kayan miya, gawayi 40, ruwa 10, kayayo 20, mota 30, duka 500. Ta sayar da na 620, amma 70 bashi ne, kuma da rana ta zari 30 ta ba yara kuɗin makaranta. Da yamma ta ƙirga ta ga 520, sai ta ce yau sidi 20 kawai na samu, wannan sana'a ba riba. Alhali ribarta 120 ce, 70 na hannun mutane, 30 ta riga ta kashe, 20 ne a leda.

A rubuce, wannan saƙo ɗaya ne a WhatsApp, a buga shi kai tsaye cikin saƙon ba a manna shi a matsayin fayil ba, layi gajeru, kowace lamba a layinta. Dalili kuwa saƙon rubutu yana shiga ko netwok na numfashi da ƙyar, kuma yana daidaita kansa da faɗin allon waya. PDF ba ya yin haka, shafin A4 ne aka ƙanƙance, sai ka ga mace tana ja da yatsu biyu hagu da dama tana neman ƙarshen jimla. PDF na firinta ne, kada ka tura shi ka ce a karanta a waya.

A takarda, misalin ya zama tebur mai gida huɗu, abin da na kashe, abin da na sayar, bashi, abin da na ɗiba, an cike na mai waken, a ƙasa kuma tebur bakwai babu komai a ciki, na Litinin zuwa Lahadi, don ta cike nata da biro.

A murya kuwa nan na sake yin kuskure, na karanta teburin kamar yadda yake, "ɗari huɗu, arba'in, goma, ashirin, talatin", kunne ba ya riƙe lambobi biyar a jere, kafin ka kai ta huɗu ta farko ta tafi. Da na sake ɗauka sai na mayar da shi labari, na ce ku ɗauko takardar mako na uku shafi na biyu, ku sa yatsa a gida na farko, ga wata baiwar Allah ta tashi da asuba ta je kasuwa, in faɗi lamba ɗaya in tsaya in ce kun gan ta? Sau biyu na ce a tsayar da muryar a haɗa lissafi kafin a ci gaba. Muryar ba maimaita rubutun take ba, jagora take yi a kan takardar. Amma kuma na tabbatar duk wadda takardar ba ta kai gare ta ba tukuna za ta fahimci labarin ko da kunne kawai, tana tuya ko tana cikin turotoro.

Ɗaukar muryar ma ba ta buƙatar situdiyo. Waya ce, tazarar tafin hannu daga baki, a ɗaki mai katifa da labule saboda su ke shanye amsa-kuwwa, a kashe fanka. Lokaci ne matsala a unguwarmu, tsakanin aboboya da masu talla da lasifikar wa'azi, ga rufin kwano in ruwa ya sauko ba abin da za ka ji. Bayan sallar asuba kafin gari ya waye na samu. In kana da kwamfuta, manhajar Audacity kyauta ce za ta yanke maka tari da "eh to", sannan wannan umarnin na manhajar ffmpeg ya matse fayil ɗin:

```
ffmpeg -i darasi.wav -ac 1 -ar 22050 -b:a 32k M3-D2-riba.mp3
```

Wannan `-ac 1` ɗin yana mayar da shi hanya ɗaya, magana ba ta buƙatar sitiriyo. MP3 na zaɓa duk da cewa Opus, wanda WhatsApp ke amfani da shi a saƙon murya, ya fi shi ƙanƙanta, saboda MP3 yana buɗuwa har a ƙaramar waya mai madannai da rediyon nan mai cin memori, kuma ana iya tura shi ta Bluetooth ba data ko kaɗan. Ka lura da sunan fayil ɗin kuma, mako na 3 darasi na 2. In ka bar shi da dogon sunan lambobi da waya ke ba shi, bayan mako biyar ba wadda za ta gane wanne ne wanne a cikin memorinta.

"Buga takarda ai shi ma kuɗi ne"

Haka ne. A ce shafi ɗaya sidi ɗaya ne a shagon fotokwafi, shafi huɗu a mako takwas sidi 32 ke nan, ba kyauta ba. Amma takarda ba ta mutuwa don caji ya ƙare, ba a goge ta don a samu wurin hoton amarya, kuma mijin da ya fita da wayar gidan bai fita da ita ba, wannan ma wani abu ne da masu shirya kwas ke mantawa, suna ɗauka kowane ɗalibi da wayarsa shi kaɗai awa ashirin da huɗu. Mu mun buga na mako takwas gaba ɗaya tun farko, gaba da baya, ganye 16 aka danne da sitefula, na Ejura da na arewa muka ba direba a tasha.

Sai dai takardar ma sai an shirya ta don injin fotokwafi na lungu, ba don allon kwamfutarka ba. Na yi wani zane da ja yana nuna kashewa kore yana nuna samu, da aka buga baƙi da fari duka biyun suka fito toka iri ɗaya, wata ta tambaye ni wanne ne asarar. Tun daga nan ba na dogara da launi, sai in rubuta sunan abu a kansa. Babu baƙin bango mai shan tawada, girman rubutu 12 ko 13 saboda yawancinsu sun haura shekara arba'in kuma da fitilar waya ko ƙwai ɗaya suke karatu, lambar mako da ta shafi a kowane ganye saboda sitefula tana fita.

Ga wani abu da ya shafe mu mu kaɗai masu rubuta Hausa, wato ƙ da ɗ da ɓ. Na tura wa yaron shago fayil ɗin Word, kwamfutarsa ba ta da irin rubutun da na yi amfani da shi, kuɗi ya fito "ku□i" a wurare da yawa, kuma ya riga ya buga kwafi arba'in kafin in gani. Maganinsa ka zaɓi rubutu mai ɗauke da waɗannan baƙaƙen kamar Noto Sans ko Andika, ka fitar da PDF da kanka domin rubutun ya tafi a cikinsa, ka buga kwafi ɗaya ka duba kafin sauran. Haka ma in za ka tura tunatarwa ta SMS ga masu ƙananan wayoyi, saƙo ɗaya harafi 160 yake ɗauka, amma da ka sa ƙ ɗaya tak sai ya koma 70, kuɗin ya ninka. A SMS kawai nake haƙura in rubuta k da d.

Kuma don Allah a daina ɗaukar hoton littafi da waya a haɗa a ce PDF ne. Shafi huɗu na rubutu na gaske KB 150, shafi huɗu na hoto zai iya kai MB 10 ko fiye, ga inuwar hannun mai ɗauka a gefe.

"To hulɗa da malami fa?"

Wannan ita ce hujjar da na fi girmamawa. Karatu daga nesa yana da kaɗaici, mutum yana fara sanyi a mako na uku ba wanda ya sani, kuma masu son Zoom suna cewa ganin fuska yana riƙe ɗalibi. Ban musa ba. Amma wane ɗalibi yake riƙewa? Wanda ke da data da netwok da kuma lokaci a daidai ƙarfe bakwai na Talata. Mai koko tana barci a lokacin saboda ƙarfe uku za ta tashi, mai shago ba ta rufe ba, ta wajen Bawku kuma rabin ajin "kuna jina?" take cewa.

Abin da muka yi shi ne zaure biyu a WhatsApp. Ɗaya ni kaɗai ke iya turawa, darasi ne kawai a ciki, ba gaisuwar Juma'a ba sanarwar rasuwa, domin wadda ta yi kwana huɗu ba data in ta dawo ta samu abinta a jere. Ɗayan na tambaya da hira, kuma ranar farko muka zauna kowa ta kashe saukar hoto da bidiyo ta atomatik, in ba haka ba bidiyon wa'azi ɗaya da wata ta turo da kyakkyawar niyya zai cinye datar kwas ɗin ta wata guda. Darasi na fita Litinin da safe, aiki kuma har Lahadi, ba ranar da za a ce in ba ki hau yanzu ba kin rasa. Aikin shi ne ta ɗauki hoton teburinta ta turo min ni kaɗai, tunda ba wadda ke son 'yar uwarta ta ga ribarta, ko ta faɗi lambobin da murya. Ranar Asabar in yi murya ɗaya ta minti uku kan kuskuren da ya fi yawa, ba tare da kiran suna ba. Wadda na ga shiru mako biyu, sai in kira ta kira na waya irin na da, minti biyu, "Hajiya, lafiya dai ko?" Sau da yawa ba darasin ne ya gagare ta ba, waya ce ta faɗa ruwa ko yaro ba lafiya.

Ban ce kowa ta gama ba. Wasu sun bari, ɗaya ta ce min ita lissafin kanta ya ishe ta tun kafin a haife ni, kuma ina ganin gaskiyarta.

Inda na sallama

Akwai abin da sai ido ya gani. Mai koyar da ɗinki ba zai bayyana yadda ake yanka wuyan riga da baki ba, haka gyaran waya, haka ɗaura bandeji. A nan bidiyo na da haƙƙinsa. Amma bidiyon hannu da almakashi na minti ɗaya da rabi a 360p, MB 7 ko 8, daban yake da awa guda ta fuskar malam. Kuma ko a nan a fara gwada hotuna shida a jere da bayani a ƙarƙashin kowanne, a sa su a takarda, bidiyon ya zama ƙari ga wanda ya iya saukewa, kada jarrabawa ta dogara da shi.

Masu cewa netwok na gyaruwa, nan da 'yan shekaru duk wannan zai zama tarihi, Allah ya sa. Amma ɗalibar da ta biya kuɗin kwas bana take karatu. Mun ga yadda aka yi a 2020 da aka rufe makarantu a watan Maris saboda korona, da gwamnati ta so kai darasi ga yaran ƙasa duka ai talabijin da rediyo ta koma, aka buɗe Ghana Learning TV, saboda an san intanet ba ta kai ko'ina ba. Jami'o'in da suka daɗe a karatu daga nesa irin ta Cape Coast da ta Winneba ma da littattafan darasi bugaggu da haɗuwar ƙarshen mako suka yaye malamai masu yawa. Ko makarantar da ke da Moodle, wato dandalin ɗora darussa a intanet, manhajarsa ta waya tana barin ɗalibi ya sauke darasi ya karanta ba intanet, amma in malamai sun cika shi da manyan bidiyo an dawo gidan jiya.

Akwai kuma maganar da ba a faɗa a fili, cewa kwas na rubutu da murya yana kama da na talaka, mutane ba za su yarda su biya ba, mai ba da tallafi ma in ya zo duba aiki ya fi son ya ga kyamara da fitilu. Wannan kam ba ni da maganinta, na san dai shirya darasi ɗaya na minti biyar da takardarsa yana cin min yini guda, alhali zama gaban kyamara in yi surutu awa ɗaya awa ɗaya kawai yake ci. Mai arha a wurin malam shi ne bidiyon, tsadar ce aka tura wa ɗalibi.

Yanzu kafin in saki kowane darasi akwai wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi da na karɓa a wurin yayata, sai in shiga saitinta in mayar da ita 3G ko 2G, in shiga ɗakin da ya fi kowanne rashin netwok a gidanmu, in sauke darasin ina kallon agogo. In ya wuce minti biyu, in koma in rage. Sannan in saurare shi da lasifikar wayar ba da abin kunne ba, a tsakar gida ana daka ana wanke-wanke, domin haka za a saurare shi.

'Yar yayata kuwa har yanzu tana kwas ɗinta. Su biyar suka haɗa kai, kowane mako ɗaya ta je inda ake samun Wi-Fi ta sauke, ta raba wa sauran ta Xender, ita kuma da yake hannunta na da sauri sai ta zauna ta kwafe abin da ke allon malamin a littafi ta kai fotokwafi. Makon jiya ta nuna min, shafi uku da rabi ne.